Yadda ake yin garin Neskafe a masana'anta, da yadda za ka haɗa shi ya fi na jiya daɗi

Bari mu fara daidaita suna, don kada mu yi ta karo da juna a hanya. A bakin mutane da yawa kalmar kofi tana nufin abin shan, tana kuma nufin mazubin da ake sha a ciki. A nan zan kira abin shan gahawa, mazubin kuma kofi. Shi kuwa garin da ke narkewa da zarar ruwa ya taɓa shi, kusan kowa Neskafe yake ce masa ko wane kamfani ne ya yi shi, kamar yadda kowane dunƙulen miya ya zama magi. Ni ma haka zan riƙa kiransa wani lokaci.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, garin nan dafaffe ne. Ba niƙaƙƙen ƙwayar gahawa ba ne da ke jiran ka dafa shi. An riga an soya ƙwayar, an niƙa, an dafa, an tace, an zubar da tuƙar, sannan aka janye ruwan daga abin da aka tace har ya koma gari. Kai aikinka mayar masa da ruwan da aka ƙwace masa ne kawai. Wanda ya gane haka zai gane dalilin kusan duk shawarar da ke tafe a ƙasa, har ma ya ƙirƙiro tasa.

Tarihin gajere ne. Wani mutumin New Zealand mai suna David Strang ya yi rajistar irin wannan gari a 1890, amma wanda ya karɓu a duniya shi ne na kamfanin Nestlé da ya fito a Switzerland a 1938. Brazil ce ta tara gahawar da ta rasa mai saye bayan karyewar kasuwannin duniya a 1929, aka nemi hanyar adana ta, wani masanin sinadarai Max Morgenthaler ya shafe shekaru yana gwaji har ya dace. Wancan na farko ta hanyar feshi cikin iska mai zafi aka busar da shi. Busarwa ta hanyar ƙanƙara sai a shekarun 1960 ta shigo kasuwa.

Daga ɗanyar ƙwaya zuwa ruwa mai kauri

Hanyoyin busarwar biyu ne, amma kafin a kai gare su tafiyar ɗaya ce, kuma a ganina a nan ne ake yanke rabin hukuncin ɗanɗanon, tun kafin a kunna injin busarwa.

Gahawar da ake nomawa don kasuwa iri biyu ce: arabika da robusta. Arabika ta fi ƙamshi da laushin ɗanɗano, tana son tudu mai sanyi, irin na Habasha da Kolombiya, ko tsaunin Mambila a jihar Taraba. Robusta tana jure zafi da cuta, ta fi araha, ta fi ɗaci, kuma sinadarin kafeyin da ke hana barci ya kusan ninka na arabika a cikinta. Mafi yawan garin da ke narkewa da robusta ake yin sa, daga ƙasashe irin su Biyetnam, Brazil, Indonesiya, Uganda da Kodebuwa. Ba araha kaɗai ke jawo masana'antu gare ta ba: robusta ta fi sakin abin da ke narkewa a ruwa, wato daga buhu ɗaya an fi samun gari da yawa.

Ana soya ƙwayar a zafin da ya ɗan haura digiri 200, har ta yi launin ƙasa mai duhu ta yi sauƙi. Sai a niƙa ta, amma ba laushi ba, tsaki-tsaki ake barin ta don ruwa ya samu hanyar ratsawa. Idan ta yi laushi da yawa sai ta toshe kamar taɓo.

Daga nan a zuba tsakin cikin dogayen tukwane na ƙarfe da ke tsaye a jere, sau da yawa biyar zuwa takwas, bututu ya haɗa wannan da wancan. Dabarar da ke ciki tana burge ni. Sabon ruwa mafi zafi ba ya fara shiga tukunyar da ke da sabon tsaki. Yana fara shiga wadda aka fi tatsa ne, wadda ta kusa ƙarewa, da zafin da ya kai digiri 170 zuwa 180. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 sai ya tafasa ya tsere, amma a rufe cikin matsi yana iya kaiwa can yana nan a ruwansa, kamar tukunyar nan mai rufin matsi da ake dafa wake ko ganda. Wannan zafin yana farfasa sassan ƙwayar masu tauri waɗanda ruwan gida ba zai taɓa narkar da su ba. Sai ruwan ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya yana hucewa, har ya iso ga sabon tsaki da zafin kusan digiri 100, ya kwashi ƙamshinsa ba tare da ya ƙona shi ba. Tukunyar da ta gama aiki a juye tuƙarta, a cika ta da sabon tsaki, ta koma ƙarshen layi.

Ga sakamakon a lissafi. Wanda ya dafa niƙaƙƙiyar gahawa a gida yana fitar da kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinta ne zuwa cikin ruwa, sauran ya tafi a tuƙa. Masana'anta kuwa tana iya tatsar kashi 40 zuwa 50 daga robusta. Wannan ƙarin da aka matso ba ƙamshi ba ne, yawanci dangin sitaci da sukari ne da zafi ya farfasa, tare da ɗan ɗaci da wani ɗanɗano mai kama da ƙonannen sukari. Shi ne ɗanɗanon da harshe ke ganewa nan take ya ce wannan Neskafe ne. Kamfanin da ya fi matsa tatsar ya fi samun gari, garin kuma ya fi rasa armashi.

Mu bi kilo 100 na ɗanyar robusta mu gani, da lambobi na misali waɗanda ba su yi nisa da abin da ake samu ba. Bayan suya ta koma kusan kilo 84, saboda ruwan jikinta ya fita. Idan aka tatsi kusan rabi, an samu kilo 40 na narkakken abu. Amma yana cikin ruwa ne. In kaurinsa kashi 20 ne cikin 100, to muna da kilo 200 na baƙin ruwa, wanda kilo 160 a cikinsa zallar ruwa ne da dole a raba shi da shi. Injin busarwa yana da tsadar gudanarwa, don haka ba a ɗora masa duka. Ana fara rage ruwan har kaurin ya kai kashi 40 zuwa 50. A kashi 50, kilo 200 ɗin nan ya koma kilo 80, rabi gahawa rabi ruwa, mai kauri kamar zumar da ta sha rana. Kilo 40 na ruwan da ya rage shi ne aikin injin busarwa. Ka ga ke nan kilo biyu da rabi na ɗanyar ƙwaya ne ke ba da kilo ɗaya na gari.

Rage ruwan ma hanya biyu ne. Ko dai a tafasa shi a cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta, inda ruwa ke tafasa da ɗan zafi kaɗan, ko kuma a sanyaya shi har ruwan ya fara zama ƙanƙara a tsame ƙanƙarar. Duk wanda ya taɓa tsotsar daskararren zoɓo a leda ya san wannan: zaƙin da launin su ke fara fitowa, a bar ka da farar ƙanƙara marar ɗanɗano. Ruwa ne ke daskarewa shi kaɗai, ya bar sauran a ware. Hanyar sanyin ta fi kiyaye ƙamshi, ta fi kuma cin kuɗi.

Akwai wani mataki da ba a cika sani ba. Ƙamshin gahawa abu ne mai saurin tashi, zafi kaɗan ya bi iska. Don haka masana'antu kan kama shi tun da wuri, su busa tururi ta cikin tsakin ko ruwan, su tara ƙamshin a wuri mai sanyi, su ajiye, sai an gama rage ruwa su mayar da shi. Wasu kuma sukan fesa ɗan man gahawa mai ƙamshi a kan garin dab da rufe kwalba. Wannan daddaɗan ƙamshin da ke dukan hancinka ranar da ka huda takardar bakin sabuwar kwalba, wanda bayan mako biyu ka neme shi ka rasa, yawanci daga nan yake.

Busarwar feshi

Wannan ita ce hanya mai sauri da araha, kuma ita ce ta yi yawancin garin da ke kan teburin mai shayi. Ka ƙaddara wata hasumiya ta ƙarfe mai tsayin bene hawa shida ko fiye. Daga samanta ake feso ruwan gahawar mai kauri ta ƙananan ƙofofi, ya fito kamar hazo, iska mai zafin digiri 200 zuwa sama tana bin sa ƙasa. Kafin ɗigon ya kai gindin hasumiyar, cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ya bushe ya zama gari.

Mutum zai ce ai wannan zafin ƙona shi zai yi. Ba ya ƙonewa, saboda dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi a watan Afrilu: muddin ruwa na fita daga jikin abu yana zama tururi, yana tafiya da zafin ne. Ɗigon yana zama ƙasa da zafin iskar sosai har sai ya kusa bushewa, lokacin kuwa ya riga ya sauko inda iskar ta huce. Duk da haka wani ɓangare na ƙamshin yana bin tururin ya tafi, kuma in aka bar zafin ya yi yawa a ƙarshen tafiyar, garin kan ɗauki ɗanɗanon ƙauri. In kuma zafin ya gaza, sai ya sauko da danshi ya manne a bangon hasumiyar.

Abin da ke fitowa gari ne mai laushi, kowace ƙwaya kamar ƙaramin balan-balan mai rami a ciki. Irin wannan gari yana da matsala: yana tashi kamar ƙura, yana kuma yin iyo a saman ruwa ya dunƙule. Sai aka samo masa dabarar da duk mai yin dambu ta sani. Ana ɗan jiƙa garin da tururi, ƙwayoyin su manne wa juna su zama ƙananan gudaji, a sake busar da su. Gudajin sun fi nutsewa cikin ruwa, sun fi kuma kyan gani a kwalba. Amma ɗanɗanon bai canza ba, na feshi ne dai.

Busarwar ƙanƙara

Wannan ta fi ɗaukar lokaci, kuma ta fi ban mamaki. Ana sanyaya ruwan gahawar mai kauri har ya yi kamar ƙanƙarar da ta fara narkewa, a ɗan ƙasa da sifili. A wannan matakin akan busa masa iskar gas ya yi kumfa, don yawan kumfar shi ke ƙayyade nauyin ƙwayar da haskenta a ƙarshe. Sai a shimfiɗa shi a kan doguwar shimfiɗa mai tafiya, ya ratsa ɗakuna masu ƙara sanyi har ya kai kusan digiri 40 ƙasa da sifili, ya zama falle mai tauri kamar gilashi. Ana farfasa fallen a cikin ɗakin sanyin, a tankaɗe, a ɗauki tsakin da ya kai milimita ɗaya zuwa huɗu. Wanda ya yi ƙanana da yawa a mayar da shi baya.

Tsakin, yana daskare, sai a zuba shi a faranti a tura cikin wani ɗaki na ƙarfe a zuƙe iskarsa kusan gaba ɗaya. Matsin iskar da muke shaƙa ya kai kusan milibar 1,000. Idan matsi ya sauka ƙasa da milibar 6, ruwa ba ya iya zama a matsayin ruwa: ƙanƙara tana tsallakewa kai tsaye ta zama tururi ba tare da ta narke ba. A injin busarwa ana saukar da shi ƙasa da milibar ɗaya. Sai a ɗan ɗumama farantan a hankali, ƙanƙarar da ke cikin tsakin ta riƙa ficewa, ta je ta sake daskarewa a jikin wasu bututu masu tsananin sanyi a gefe. Ka taɓa ganin naman da ya daɗe a firiza ba a rufe ba, gefensa ya yi fari ya bushe alhali bai taɓa narkewa ba? Abin da ya faru ke nan, sai dai a can an hanzarta shi. Aikin kan ci sa'o'i da dama.

Wurin da abin kan lalace shi ne gaggawa. In aka ƙara zafi fiye da yadda tururin ke iya fita, tsakin sai ya narke daga ciki, ya ruguje ya zama wani baƙin abu mai danƙo da ba ya narkewa da kyau. In komai ya tafi daidai, kowane gurbin da ƙanƙara ta bari ya zama rami, ƙwayar ta fito da siffarta kamar soso. Shi ya sa take narkewa nan take ko a ruwan sanyi, kuma tunda ba ta sha zafi ba, ƙamshin ya fi zama a cikinta. Wuta da lokacin da aikin ke ci su ne tsadar da kake gani a kanti.

Yadda za ka gane wanda ke hannunka

Zuba ɗan kaɗan a kan farar takarda ka duba da kyau a wurin haske. Na ƙanƙara ƙwayoyinsa masu kusurwa ne da kaifin gefe, kamar fasasshen dutse, launinsu yakan fi haske. Na feshi da aka dunƙula kuwa gudajinsa ba su da tsayayyar siffa, sun yi kama da dambu, sun fi duhu, kuma in ka murza ɗaya tsakanin yatsu sai ya koma gari mai laushi. Mutane da yawa suna ganin gudaji sai su ɗauka sun sayi mai tsadar, alhali ba haka ba ne.

Kada kuma ka ɗauka duk na ƙanƙara ya fi duk na feshi. Busarwa tana adana abin da aka ba ta ne, ba ta ƙara komai. Robusta marar kyau da aka tatse har ƙarshe, ko an busar da ita da ƙanƙara, robustar ce dai. Abin da ya sa na ƙanƙara ya fi daɗi a mafi yawan lokuta shi ne kamfanoni kan zaɓa masa ƙwaya mafi kyau, sau da yawa da arabika a ciki, tunda sun san za su sayar da shi da tsada. Don haka ka duba bayan kwalbar ko an ambaci arabika. In kuma kana shan naka da madara da sukari sosai, gaskiya bambancin zai ɓace a ciki, ka riƙe kuɗinka.

Ƙaramar ledar nan mai haɗe da madara da sukari wata aba ce daban. A jerin kayan haɗi, abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa, kuma za ka tarar sukari ne a gaba, sai garin da ke maye gurbin madara wanda galibi da man ja ko na ƙwarar kwakwa ake yi, gahawar tana can baya. Ba laifi ba ne ga matafiyi, amma ba ka da ikon gyara komai a cikinta.

Haɗa kofi ɗaya, mataki-mataki

Na farko, awo. Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, su ɗora laifin a kan garin. Ƙaramin cokalin shayi guda yana ɗaukar kusan giram 2, kuma an yi shi ne don ruwa mililita 150 zuwa 200. Babban kofin roba ko na silba da ake shan shayi da shi a wurinmu yakan ci mililita 350 zuwa 400. Ka zuba cokali ɗaya a nan, ka samu ruwa mai launin gahawa da ɗan ɗaci, babu jiki babu ƙamshi, sai ka bi shi da sukari don ya shawu. Ka auna kofinka sau ɗaya: ledar ruwa ta fiyawata rabin lita ce, in ta cika kofin, kwatan ruwan ya rage a ledar, to kofinka ya kusa mililita 375, yana buƙatar cokali biyu cikakku. Ƙa'idar da nake bi ita ce giram ɗaya zuwa ɗaya da kwata ga kowace mililita 100, in da madara kuma na ɗan ƙara.

Na biyu, ruwan. Kashi 99 cikin 100 na abin da ke kofin ruwa ne, don haka duk ɗanɗanon da ke cikinsa zai bayyana. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri ko mai barin farin datti a gindin buta yana dusashe ɗanɗano. Ruwan famfo mai warin kulorin a bar shi a buɗe ya kwana, ko a tafasa shi da kyau. Filas ma abin lura ne: wanda aka saba zuba shayi mai citta ko kunu a ciki zai ba gahawarka warin jiya. Ka ɗanɗani ruwan shi kaɗai, in bai yi maka daɗi ba a haka, ba zai gyaru da gari ba.

Na uku, dama garin da ruwan sanyi tukuna. Zuba garin a kofi, ka sa masa cokali ɗaya ko biyu na ruwan da ba shi da zafi, ka dama har ya zama kamar kwaɓin kunu, ba gudaji. Yana hana dunƙulewa, musamman ga gari mai laushi, kuma ni dai a harshena yana rage kaifin ɗacin. Gwada kofi biyu gefe da gefe ka yanke naka hukuncin.

Na huɗu, zafi. Tafasasshen ruwa mai ɓulɓula ana buƙatarsa ne in za a tatso abu daga ganye ko ƙwaya. Nan babu abin tatsa. Abin da zafin zai yi kawai shi ne ya kori ɗan ƙamshin da masana'anta ta sha wahalar mayarwa, ya kuma ƙona maka harshe. Digiri 80 zuwa 85 ya isa. Ba sai da ma'auni ba: kashi huɗu na tafasasshen ruwa da kashi ɗaya na ruwan ɗaki mai digiri 30 suna ba da kusan digiri 86, sanyin kofin kuma ya ƙara saukar da shi kaɗan. Ko ka sauke butar ka buɗe murfin ka jira minti biyu zuwa uku. Abin da bai kamata ba sam shi ne zuba garin a tukunya a tafasa shi tare da ruwa kamar ganyen shayi.

Na biyar, madara da sukari. In ta gari ce, dama ta daban da ruwa mai ɗumi kafin ka haɗa, don ita ce ta fi yin gudaji. In ta gwangwani ce, zuba ta a ƙarshe. Sukari kuma ka ɗanɗana kafin ka sa, domin da awo ya daidaita za ka ga ba ka buƙatar yawan da ka saba.

Idan garin da ka samu mai ɗaci ne da yawa, gishiri yana taimakawa. Gishiri yana danne jin ɗaci a harshe, amma ƙwayoyi kaɗan ake nufi, abin da bai kai ɗan yatsa biyu su ɗauka ba. In har ka ji gishirin, ya yi yawa.

Kayan ƙamshi kuwa su ne gyaran da na fi so, don suna cike daidai gurbin da garin ya fi rauni. A Sudan ana dafa gahawa da citta, a Senegal kuma gahawar Tuba da kimba ake yin ta, wani lokaci da kanumfari. Ka tafasa ɗan yankin citta da kanumfari biyu, ko rabin kimba da aka ɗan fasa, a cikin ruwan na minti biyar, ka tace, ka bar shi ya ɗan huce, sannan ka zuba a kan kwaɓin. Kayan ƙamshin ne ke son tafasa, garin ba ya so, don haka kowa a ba shi abin da yake so. Kimba tana da ƙarfi, in ta yi yawa sai ta ƙara ɗaci maimakon ta rufe shi.

Ɗaga shayin da mai shayi ke yi, yana juya shi daga kofi zuwa kofi daga sama, yana da amfani a nan: yana saukar da zafi, yana haɗa komai, yana kawo kumfa. Abin mamaki, garin feshi mai araha ya fi na ƙanƙara yin kumfa mai daɗewa, saboda kusan babu mai a cikinsa, mai kuwa shi ke kashe kumfa. Da irinsa ake yin gahawar sanyi ta Girka da ta samo asali a birnin Tasalonika a 1957. Lokacin zafi ka gwada: cokali biyu na gari, sukari yadda kake so, ruwan sanyi cokali uku, a cikin kwalba mai murfi. Girgiza da ƙarfi na rabin minti har ya zama kumfa mai launin ƙasa, ka juye a kan ƙanƙara, ka cika da ruwan sanyi da madara.

Game da yawan sha: kofi mai giram 2 yakan ƙunshi kafeyin kusan miligiram 60 zuwa 80. Hukumomin lafiya na Turai da Amurka suna ganin miligiram 400 a yini ba ya cutar da babban mutum mai lafiya, mai juna biyu kuma ana ba ta shawarar kada ta wuce 200. Ka tuna babban kofin da muka zuba wa cokali biyu ya ci rabon kofi biyu, kuma goro da shayi da lemon kwalba masu sa kuzari duk suna shiga lissafin. Kafeyin yana daɗewa a jiki sa'o'i da yawa, wanda ya sha bayan La'asar kada ya yi mamakin juyi a kan gado.

Ajiya

Garin yana barin masana'anta da danshin da bai kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma yana da ƙishirwa, yana zuƙar ruwa daga iska. Na taɓa barin wata babbar kwalba a kicin cikin watan Agusta, murfin bai zauna daidai ba, na yi tafiyar kwana goma. Da na dawo ta zama dunƙule guda baƙi mai sheƙi, sai da wuƙa na sassaƙo ta, ɗanɗanon kuma ya koma tsami-tsami. Da hunturu kwalba kan yi watanni lafiya lau, da damina kuwa sai an kula.

Alamar farko ita ce ƙwayoyin su fara manne wa cokali ko jikin kwalba, launin ya ƙara duhu. A wannan matakin ana iya sha, sai dai a hanzarta ƙarar da shi. In ka ga wani fari-fari mai kama da auduga a kai, ko wari ya canza zuwa na ruma, zubar da shi. Cokalin da za ka tsoma ya zama busasshe, ba wanda ka gama juya shayi da shi ba, kuma kada ka buɗe kwalbar a saman tururin buta. Firji ma ba wurinsa ba ne: duk fitowar da kwalba mai sanyi za ta yi cikin iska mai ɗumi, raɓa ce ke sauka a cikinta, balle inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa. In kai kaɗai ke sha a gidan, ƙaramar kwalba da za ta ƙare cikin wata ɗaya ta fi babba, in kuma babbar ka saya don sauƙin farashi, ka ɗibi na mako biyu a ƙaramin mazubi mai matsattsen murfi, ka ɗaure bakin babbar da leda a ƙarƙashin murfinta ka sa ta a kabad nesa da murhu.